Gishirin da Ba Shi da Suna: Yadda Ake Gano Ƙarafan da Suka Narke a Ruwa

A jarrabawar aikin hannu ta WAEC a darasin kimiyyar sinadarai, akwai tambayar da ta fi sauran sa ɗalibai gumi. Ana ajiye wa kowa ɗan gari ko ruwa a ƙaramar kwalba, babu suna a jikinta sai harafi guda, galibi C, a ce ya faɗi abin da ke ciki. Ba a ɗanɗanawa, ba a kuma yarda da hasashe. Abin da ke gabansa kwalaben gwaji ne, da takardar tacewa, da murhun gas, da jerin ruwan sinadarai a kan kanta. Da waɗannan kaɗai ake so ya tabbatar cewa akwai dalma, ko tagulla, ko tutiya a cikin ruwan da ido ba ya ganin komai a cikinsa.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka haddar launuka ce kawai: wannan ya yi ja, wancan ya yi shuɗi. Launi na da nasa muhimmancin, amma ba shi ne ginshiƙin aikin ba. Ginshiƙin shi ne jeri, wato sanin abin da ake fara zubawa, da abin da ke biye masa, da dalilin da ya sa ba a sauya musu wuri.

A wajen masanin sinadarai, gishiri ba na miya kaɗai ba ne. Kanwa gishiri ce, alif ɗin da ake sa wa ruwa ya kwanta gishiri ne, haka ma nau'o'in takin zamani da yawa. Kowane gishiri ɓangare biyu gare shi, kuma da zarar ya narke a ruwa sai su rabu, kowa ya kama gabansa. Ɓangaren da ke ɗauke da cajin lantarki mai alamar tarawa shi ake kira katayon, kuma kusan kullum ƙarfe ne: sodiyum a gishirin miya da kanwa, alminiyum a alif. Fitaccen wanda ba ƙarfe ba shi ne amoniyum, NH₄⁺, wanda ake samu a wasu takin zamani. Katayon ɗin da aka saba nema a ɗakin gwaji sun haura ashirin.

Matsalar ita ce babu wani sinadari guda da zai nuna ƙarfe guda ya kyale sauran. Idan aka ɗiga sodar NaOH a ruwan da ke da dalma, wani farin abu zai fito ya kwanta a gindin kwalba kamar laka. In tutiya ce a ciki, farar laka ce za ta fito. In alminiyum ne ko magniziyum, ita ce dai. In kuma ƙarafa uku ko huɗu ne a haɗe, mai duhun launi sai ya rufe mai haske. Don haka masana suka ɗauki hanyar mai tankaɗe da ke da rariya kala-kala: a fara da wadda ke tare abu kaɗan, a kwashe abin da ta tare, sannan a kai abin da ya wuce ga rariya ta gaba. Kowane mataki yana fitar da rukuni guda na ƙarafa a matsayin laka, a tace, ruwan da ya wuce ya tafi mataki na gaba.

Tsarin ya samo asali ne a Jamus. Heinrich Rose na Berlin ya fitar da littafinsa kan binciken sinadarai a 1829, inda ya yi amfani da iskar H₂S wajen raba ƙarafa. Carl Remigius Fresenius, wanda aka haifa a Frankfurt a 1818, shi ya tsara rukunonin yadda mai koyo zai iya bi, a littafin da ya fitar a 1841 yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. A 1848 ya buɗe ɗakin gwajinsa a Wiesbaden. Littattafan yau sun ɗan saɓa wajen ƙidaya, wasu rukuni biyar, wasu shida, amma ƙashin bayan aikin bai sauya ba. A nan za a bi mai shida.

Hanya mafi sauƙi ta fahimta ita ce a bi kwalba guda daga farko har ƙarshe. A ce malami ya narkar da gishiri biyar a ruwa: na dalma, da na tagulla, da na baƙin ƙarfe, da na kalsiyum, da na amoniyum, duk nau'in naitiret, domin kowane naitiret yana narkewa a ruwa. Ya miƙa wa ɗaliba santimita kubik goma sha biyar na haɗin, bai faɗa mata komai ba. Ruwan ya ɗan yi kore-kore. Wannan ishara ce, ba hujja ba: nikel kan ba da kore, haka kuma shuɗin tagulla in ya gamu da rawayar ƙarfe.

Kafin ta ɗiga komai, ɗalibar za ta ware kashi ɗaya cikin uku ta ajiye gefe. Duk abin da za ta wanke ko ta sirka, da ruwan da aka tace ta hanyar tururi za ta yi. Ruwan famfo da na rijiya suna da kalsiyum da magniziyum da kuloraid nasu, kuma wanda ya yi aiki da su zai gano ƙarafan da shi da kansa ya zuba.

Gwajin farko ma a kan wannan kason da aka ware ake yin sa, kuma na amoniyum ne. Dalili a fili yake: nan gaba za a zuba amoniya da gishirinta sau da yawa, don haka in aka bari sai ƙarshe, kowace kwalba za ta nuna akwai shi. Ta ɗebi kaɗan, ta zuba NaOH, ta ɗumama a hankali. Wani wari mai yaji ya tashi, jar takardar litmos da ta jiƙa ta riƙe a bakin kwalbar ta koma shuɗiya. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne barin takardar ta taɓa jikin kwalbar, domin sodar da ta fantsama a wurin za ta mayar da ita shuɗiya ko babu amoniyum. Tata ba ta taɓa ba. An sami na farko.

Rukuni na ɗaya: azurfa, dalma da zaiba

Yanzu ta koma kan babban kason ta ɗiga asid ɗin HCl da aka sirka, a sanyaye. Kusan duk kuloraid na ƙarafa suna narkewa a ruwa, sai uku: na azurfa, da na dalma, da na zaiba a siffarta ta Hg₂²⁺. Shi ya sa aka fara da wannan mataki, domin yana kama kaɗan ya saki saura. Farar laka ta fito. Ta ci gaba da ɗigawa har laka ta daina fitowa, ta ƙara ɗigo biyu ko uku, ta tsaya. Tsayawar na da dalili, domin asid mai yawa ko mai ƙarfi yakan sake narkar da kuloraid na azurfa da na dalma, su sulale zuwa mataki na gaba.

Ta tace, ta ajiye ruwan da ya wuce. Farar lakar da ta rage a takarda na iya zama ɗaya daga cikin ukun, ko biyu, ko duka. Ruwan zafi ne ke fara raba gardama. Kuloraid na dalma, PbCl₂, giram goma ne kacal yake narkewa a lita guda ta ruwa mai sanyin ɗaki, amma a tafasasshen ruwa ya kai giram talatin da uku. Sauran biyun ko a jikinsu. Da ta kwarara ruwan zafi, lakar ta narke tas, babu abin da ya rage. Da azurfa ce, sai ta tsaya, ta narke a ruwan amoniya, ta sake fitowa fara in an zuba asid ɗin HNO₃, in kuma an bar ta a hasken rana ta yi duhu. Da zaiba ce, amoniya za ta mayar da ita baƙa nan take.

Narkewa a ruwan zafi ya nuna dalma, amma ƙa'idar aikin ita ce ba a rubuta sunan ƙarfe sai an tabbatar da gwaji na biyu. Ta ɗiga KI a cikin ruwan, sai laka mai launin rawaya shar ta fito. Ta tafasa har ta narke, ta ajiye ta huce. A hankali sai ƙananan ƙyalƙyali masu kamar zinariya suka fara saukowa a cikin ruwan. Duk wanda ya taɓa ganin wannan ba ya mantawa, kuma babu wani ƙarfe a jerin da ke yin haka sai dalma.

Rukuni na biyu: inda ake yawan tuntuɓe

Ruwan da ya wuce takardar tacewa yana da asid a cikinsa, kuma a haka ake so ya kasance. Ana hura masa iskar H₂S, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A tsofaffin ɗakunan gwaji ana samar da ita ne a cikin wata kwalba mai tulu uku da Petrus Kipp, mai haɗa magunguna a garin Delft na ƙasar Holand, ya ƙirƙira a 1844, ta hanyar zuba asid a kan salfaid na ƙarfe. Iskar guba ce ta gaske. In ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi alhali ta ƙaru, shi ya sa ba a aiki da ita sai a cikin akwatin da ke zuƙe hayaƙi zuwa waje. Jami'o'i da dama sun koma amfani da tayoasitamaid, garin da ke sakin iskar kaɗan-kaɗan a cikin kwalbar in an ɗumama, ko da yake shi ma ana zargin yana jawo ciwon daji, sai da safar hannu.

A nan ne hikimar tsarin ta fi fitowa. Ƙarafan rukuni na biyu da na huɗu duk da H₂S ake fitar da su. Abin da ya raba su shi ne yawan asid. A cikin ruwa, H₂S na sakin ɗan abin da ake kira salfaid, S²⁻, kuma shi ne ke kama ƙarfe ya mayar da shi laka. Asid na danne wannan sakin, sai salfaid ɗin da ke yawo ya zama kaɗan ƙwarai. Wannan ɗan kaɗan ɗin ya ishi ƙarafan da salfaid ɗinsu ba ya narkewa ko kaɗan, irin su tagulla, dalma, zaiba, kadmiyum, bismot, kuza, antimoni da arsenik. Bai ishi tutiya da manganis da nikel da kobalt ba, don haka su sai su wuce. Ma'aunin da aka saba shi ne asid ɗin HCl ya kasance wajen 0.3 M. In ya fi haka sosai, kadmiyum ba zai fito ba. In ya gaza, tutiya za ta fito tun ba a kira ta ba, a neme ta a rukuninta a rasa.

Launuka a wannan rukuni suna taimakawa: tagulla da dalma da zaiba baƙi, bismot ruwan ƙasa mai duhu, kadmiyum da arsenik rawaya, antimoni ruwan goro. Kwalbar ɗalibar ta yi baƙi ƙirin. Ta tace, ta wanke lakar, ta narkar da ita a asid ɗin HNO₃ mai ɗumi da aka sirka. Da salfaid na zaiba ne, ba zai narke ba. Nata ya narke, sai ɗan farar wuta da ke yawo a sama. Ta zuba asid ɗin H₂SO₄ da aka sirka, wata 'yar farar laka ta fito. Dalma ce kuma.

Wannan ba kuskure ba ne. Giram goman nan da ke narkewa a ruwan sanyi shi ne ya tsallake matakin farko. Dalma na bayyana a rukuni biyu, kuma in ba ta da yawa a samfurin, HCl ba zai nuna ta ba sam, sai a nan za a kama ta. Ɗalibin da ya ga ruwa garau a rukuni na ɗaya ya rubuta cewa babu dalma ya yi gaggawa. Wannan baƙar lakar ta dalma, PbS, ita ce dai sinadarin da ke cikin dutsen galina, wanda ake niƙawa a yi wani nau'in kwalli, abin da ya sa likitoci ke gargaɗi kan rambaɗa wa jarirai shi.

Bayan ta tace dalmar, ta ɗiga ruwan amoniya a abin da ya wuce. Da farko laka mai shuɗi-shuɗi ta fito, da ta ƙara amoniyar sai lakar ta narke, ruwan ya koma shuɗi mai duhu kamar na baba. Tagulla ke nan. Don tabbatarwa ta ɗebi kaɗan, ta zuba asid ɗin asetik, ta ɗiga K₄[Fe(CN)₆], laka mai ruwan ƙasa da ja-ja ta fito. An sami uku.

Akwai wata yaudara a wannan mataki da ya kamata a sani. In samfurin na da baƙin ƙarfe a siffar Fe³⁺, iskar H₂S na mayar da shi Fe²⁺, ita kuma ta koma farar wuta, ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Mai gaggawa zai ce ya ga kadmiyum ko arsenik. Lakar gaske tana da launi sosai kuma tana kwanciya, farar wuta kuwa yawo take yi, sau da yawa har ta bi ta takardar tacewa.

Rukuni na uku da na huɗu

Kafin a shiga na uku akwai shiri kashi biyu, kuma tsallake ɗaya na ɓata sauran aikin. Na farko, a tafasa ruwan har iskar H₂S ta fita gaba ɗaya. Ana ganewa da takardar da aka jiƙa da asitet na dalma: in an riƙe ta a tururin ba ta yi baƙi ba, iskar ta ƙare. In aka bar saura, da zarar an zuba amoniya ƙarafan rukuni na huɗu za su faɗo tare da na uku. Na biyu, a ɗiga HNO₃ mai ƙarfi kaɗan a sake tafasawa, domin a mayar da ƙarfen da ya koma Fe²⁺ zuwa Fe³⁺. Siffar Fe²⁺ ba ta fita duka a wannan mataki, rabi zai tsaya rabi ya wuce.

Sannan a zuba garin NH₄Cl, bayansa ruwan amoniya har warinta ya tsaya. Jerin nan ma ba a juya shi. Gishirin NH₄Cl na rage kaifin amoniya, kamar yadda asid ya rage na H₂S a baya, ta yadda ƙarafa uku kaɗai za su fito: baƙin ƙarfe da launin tsatsa, alminiyum fari mai yauƙi, kuromiyum kore mai toka-toka. In aka manta da shi, magniziyum da ya kamata ya jira har rukuni na shida zai fito fari, a ɗauke shi alminiyum.

Kwalbar ɗalibar ta ba da laka mai launin tsatsa. Sai dai tsatsa na iya ɓoye farin alminiyum, don haka ta zuba wa wani ɓangare na lakar NaOH mai yawa. Soda na narkar da na alminiyum ta bar na ƙarfe. Ta tace, ta zuba NH₄Cl a ruwan ta tafasa, babu farar laka, ke nan babu alminiyum. Sauran lakar ta narkar a HCl, ta ɗiga KSCN, ruwan ya yi ja jawur kamar jini. A wata kwalbar ta ɗiga K₄[Fe(CN)₆], ya yi shuɗi mai duhu, launin da masu zane suka sani tun farkon ƙarni na 18 lokacin da aka gano shi a Berlin. An sami huɗu. Gwajin KSCN yana da kaifi ƙwarai, har ɗan tsatsar da ke jikin cokalin ɗiba kan sa ruwa ya yi ruwan hoda. Ruwan hoda ba ya isa a rubuta cewa akwai ƙarfe. Wanda kuma yake son sanin ko Fe²⁺ ne ko Fe³⁺ a asali, dole ya koma ga kason da aka ware tun farko, tunda aikin ya riga ya juya siffar sau biyu.

Na huɗu bai ɗauki lokaci ba. An sake hura H₂S, amma yanzu cikin ruwan amoniya, inda salfaid ke da yawa. Da akwai tutiya, da farar laka ta fito, ita kaɗai ce farin salfaid a jerin. Manganis launin fata mai ruwan hoda yake bayarwa, nikel da kobalt baƙi. Ruwanta bai motsa ba, ta rubuta cewa babu rukuni na huɗu. Rashin laka ma sakamako ne, domin ɗigo kaɗan sun cire ƙarafa huɗu daga zargi lokaci guda.

Rukuni na biyar da na shida

Ta sake korar iskar, ta ƙafar da ruwan ya ragu, ta zuba amoniya da (NH₄)₂CO₃, ta ɗumama ba tare da tafasawa ba. Farar laka ta fito: bariyum, ko sitironshiyum, ko kalsiyum. Ukun 'yan gida ɗaya ne, halinsu na kama, don haka ana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ta narkar da lakar a asid ɗin asetik, ta ɗiga K₂CrO₄. Bariyum zai ba da rawayar laka, nata bai bayar ba. Ruwan (NH₄)₂SO₄ bai fitar da sitironshiyum ba. Da ta ɗiga (NH₄)₂C₂O₄, sai farar laka ta fito. Dole wannan ya zo ƙarshe, domin shi kan fitar da sauran biyun ma in suna nan.

Wuta ce ta rufe shari'ar. Ta tsoma siririyar waya ta filatinam ko nikurom a HCl mai ƙarfi, ta ƙona har ta daina ba harshen wuta launi, ta taɓa lakar, ta mayar cikin wutar. Harshen ya yi ja irin na jan bulo, alamar kalsiyum. Bariyum kore yake bayarwa, sitironshiyum ja mai tsananin haske. Murhun da ake wannan aiki da shi na ɗauke da sunan Robert Bunsen na Heidelberg, wanda shi da Gustav Kirchhoff suka bi diddigin launukan wuta har suka gano sababbin ƙarafa biyu, siziyum a 1860 da rubidiyum a 1861.

Abin da ya tsallake duk matakan shi ne rukuni na shida: magniziyum, sodiyum da fotasiyum. Babu sinadari guda da ke fitar da su tare. Magniziyum ana kama shi da Na₂HPO₄ a ruwan amoniya, ya ba da farar laka mai ƙyalli. Sodiyum da fotasiyum sai a wuta, kuma an fi so a yi da kason asali. Sodiyum rawaya ne mai ƙarfin da ke rufe komai, har gumin yatsa a kan wayar kan haifar da shi na ɗan lokaci, don haka sai rawayar ta daɗe tana ci ake yarda da ita. Fotasiyum shunayya ne mai rauni, ana kallonsa ta shuɗin gilashin kobalt da ke tare rawayar. Ɗalibar ba ta sami ko ɗaya ba. Amsarta: NH₄⁺, Pb²⁺, Cu²⁺, Fe³⁺ da Ca²⁺.

Gajeriyar hanya da iyakar aikin

A makarantun sakandare ba a cika bin wannan dogon jeri ba, saboda haɗarin H₂S da ƙarancin lokaci. Samfurin jarrabawa ba ya wuce gishiri ɗaya ko biyu, kuma NaOH da ruwan amoniya kan wadatar, muddin an ɗiga kaɗan an duba, sannan an zuba da yawa an sake dubawa. Farare uku ne ke rikita ɗalibai: tutiya, alminiyum da dalma, domin duka suna ba da farar laka da ke narkewa in soda ta yi yawa. Amoniya ce ke ware tutiya, ita kaɗai ce lakarta ke narkewa in amoniyar ta yi yawa. KI kuma ya raba sauran biyun, dalma ta yi rawaya, alminiyum bai motsa ba. Wanda ya kwarara sodar gaba ɗaya a tashin farko ba zai ga lakar ba sam, domin ta fito ta narke kafin ido ya kama, sai ya rubuta cewa babu abin da ya faru. Wannan gajeriyar hanya tana aiki ne kawai don ƙarafan ba su da yawa. A kwalba mai ƙarafa biyar kamar wadda aka bi a sama, soda za ta ba da curin laka mai launin taɓo da ba a iya karantawa.

Shi kansa dogon jerin yana da iyaka. In samfurin na da fosfet, kamar takin NPK, dole a cire shi kafin rukuni na uku, in ba haka ba kalsiyum da magniziyum za su faɗo da wuri. Ragowar dalma da zaiba kuma ba a zuba su a kwata, ana tara su a kwalba ta musamman. Babbar iyakar ita ce tsarin yana faɗin akwai ko babu ne, ba ya faɗin nawa, kuma ba ya ganin abin da ya yi ƙanƙanta da yawa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a arewacin Nijeriya. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, sakamakon niƙa duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu. Waɗanda suka yi binciken ba da kwalaben gwaji suka yi shi ba: na'urar hannu mai aiki da hasken eksire ce ta auna dalmar da ke cikin ƙasa, wata na'urar kuma ta auna ta cikin jinin yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin dalma a ruwan sha a maikurogiram 10 cikin lita guda, wato kashi ɗaya cikin dubu ɗari na giram. HCl ba zai ba da laka a irin wannan ruwa ba, KI ba zai yi rawaya ba, ko ruwan ya ninka ma'aunin sau ɗari.

Don haka malamin kimiyya ko ɗalibin da aka kawo wa ruwan rijiya daga yankin haƙar ma'adinai ya gwada, kada ya ce wa masu ruwan lafiyayye ne don kwalbarsa ta tsaya garau. Ya tura su ɗakin gwajin jami'a ko na hukumar ruwa da ke da na'urar auna ƙarafa, a faɗa musu adadin dalmar da ke ciki.